Littafin kuskure: yadda muke bitar lissafi kafin WAEC

Ɗalibaina 'yan ajin ƙarshe na sakandare, da sauran masu shirin jarrabawa a Birnin Kebbi da kewaye, ga hanyar da nake bi da 'yan ajina a bitar lissafi. Saura wata biyu nake fara ta.

Da farko na hana karanta lissafi da ido. Ɗalibi zai buɗe littafi, ya bi misalin da aka riga aka warware, ya gyaɗa kai, ya ce ya gane. Ka rufe littafin ka ba shi wannan misalin, sai biro ya tsaya a layi na biyu. Ya gane aikin da wani ya yi, amma hannunsa bai taɓa yin nasa ba.

Don haka kowa na sa shi ya tanadi abu uku: tambayoyin shekarun baya na shekara biyar, agogo, da ƙaramin littafi sabo. Shi ne littafin kuskure.

Kullum bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, a warware tambayoyi goma na canki-canka cikin minti 18. Ba a banza na zaɓi 18 ba. Takarda ta ɗaya tana da tambaya 50 a awa ɗaya da rabi, wato kowace tambaya ba ta kai minti biyu ba. In agogo ya cika, a ajiye biro, sannan a duba amsoshi.

Duk wadda aka faɗi, a kwafe ta cikin littafin kuskure, a rubuta dalilin faɗuwar a ƙarƙashinta. Dalilan da nake gani ba su wuce uku ba: ban san ƙa'idar ba, ban karanta tambayar da kyau ba, ko hannuna ne ya zame. Kowanne da maganinsa, shi ya sa ba na yarda a rubuta "na yi kuskure" kawai.

Ga misali. Ɗan kasuwa ya sayi buhun shinkafa a Argungu kan naira 40,000, ya sayar 46,000. Ribarsa kashi nawa ce cikin ɗari? Kusan kowa zai samu 6,000. Daga nan ake rabuwa. Wani ya raba 6,000 da 46,000, ya samu kusan kashi 13. Daidai shi ne a raba da kuɗin saye: 6,000 ÷ 40,000 × 100 = 15. Wanda ya samu 13 ba kalkuleta ce ta cuce shi ba, ƙa'idar ce ba ta zauna masa ba. Abin da zai rubuta layi ɗaya ne: "Riba da asara, da kuɗin saye ake raba su." Sannan ya nemi tambayoyi uku irinta ya warware a ranar. Wanda kuwa ya jera komai daidai amma ya yar da sifili ɗaya a hanya, ba ya bukatar komawa babin. Ya dai rage gaggawa, ya riƙa tambayar kansa ko amsar ta yi kama da hankali.

A da ina tsayawa a nan, sai na lura bayan mako biyu kuskuren yana dawowa kamar ba a taɓa gyara shi ba. Yanzu kowace tambayar da ta shiga littafin ana sake warware ta sau uku, a rufe amsa: washegari, bayan kwana uku, sai bayan mako. Wadda aka ci sau uku a jere a soke ta. Wadda aka sake faɗi, ƙirgarta ta koma farko.

Ranar Asabar ta takarda ta biyu ce, a zauna awa biyu da rabi ba tashi. Sashen farko tambaya biyar ne na dole, maki 40. Sashe na biyu a zaɓi biyar cikin takwas, maki 60. Ina ba su minti 10 ga kowace ta farko, minti 16 ga kowace ta biyu, minti 20 su rage don zaɓe da dubawa.

A nan ne masu ƙoƙari suka fi ba ni tausayi. Suna lissafi a ka, su rubuta amsa tsirara. Mai maki kuwa yana ba hanya makinta daban, amsa makinta daban. In ka rubuta matakanka, ko hannu ya zame a ƙarshe, makin hanya yana nan. Saboda haka idan ina duba aikin Asabar, layin da aka tsallake nake zagaye wa da jan biro, shi ma a kwafe shi cikin littafin kuskure.