Talata, katan sha biyar

Tun sha ɗaya na safe maganar nan take cina, har na dawo gida ba ta sake ni ba.

Oga ya ce in kira matar nan ta Legas in ba da odar sabulu, katan 15. Na kira, muka gaisa lafiya lau, na ce mata "fifteen cartons". Sai ta ɗan yi shiru, ta ce, "Five zero?" Gabana ya faɗi. Na maimaita, ta sake tambaya. Sai da na ce "one five" sannan muka daidaita. Da ba ta tambaya ba, da katan 50 za a loda mana, ga kuɗin mota, ga sitonmu da ko 30 ba zai ɗauka ba a halin da yake ciki. Oga yana tsaye a bakin ƙofa. Bai ce komai ba sai, "Malam, nan gaba ka riƙa bi da saƙo a rubuce." Gaskiya ya faɗa, amma ta yi mini zafi, domin wata huɗu ke nan ban tsallake atisayen Turancina ba sai ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni.

Kun san tsarin. A adaidaita sahu in saurari 6 Minute English na BBC, minti shida ne, yana ƙarewa kafin mu kai Ƙofar Nasarawa. In zaɓi jimla biyu. Washegari bayan asuba, kafin yara su tashi, in yi minti goma ina kunna su ina bin bakin mai magana. Iyakar lokacin da nake da shi ke nan.

Bayan azahar na shige bayan sito, na ɗauki muryata a waya ina faɗin abin da na faɗa mata, sau biyar. Da na saurara sai na ji abin da ta ji. Ƙarshen kalmar na gajarce shi, n ɗin kuma na haɗiye ta gaba ɗaya ina gaggawar kaiwa ga kalma ta gaba. Ko ni aka faɗa wa haka, hamsin zan rubuta.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, na daɗe da sanin ƙa'idar: fifty nauyinta a gaɓar farko yake, fifteen kuma a ta ƙarshe. Amma wannan in kalmar tana tsaye ita kaɗai ne. Da zarar an sa mata abin da ake ƙirgawa a gaba, kamar katan, nauyin yakan dawo gaɓar farko, su ma masu harshen haka suke yi. To me ya rage da zai raba su? Tsawon wasalin ƙarshe da n ɗin nan, su ne kuma na zubar. Alhali kunnen Bahaushe ya san wannan aikin. Ba wanda zai rikita garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, tsawon wasali ne ya raba su, kullum muna yi ba ma ko lura.

A nan na gane inda wata huɗun ya tafi. Ina bin bakin Bature kan zancen barci da abinci da yanayi, amma ban taɓa zama na maimaita jimlolin da nake ci da su ba: adadin kaya, farashi, ranar da mota za ta taso. Kuma ban taɓa jin kaina ba. Lokacin da kake magana, abin da ka yi niyyar faɗa kake ji, sai waya ta dawo maka da shi kake jin abin da ya fito.

La'asar, lissafin kaya. An ɗauke wuta. Ruwa ya tare ni a hanya.

Da daddare na rubuta 13 da 30, 14 da 40, har zuwa 19 da 90 a bayan wani tsohon rasit. Na ba Maman yara biro, na juya mata baya don kada ta karanci bakina, ina faɗin ɗaya da katan a gabansa, tana rubuta abin da ta ji. Cikin goma, shida ta samu daidai. Ta ce, "Baban Ummi, ja shi sosai, ka bar harshenka ya taɓa sama kafin ka wuce." Zagaye na biyu, takwas. A 13 da 30 na fi faɗuwa, don can ga wahalar th a farko, hankalina yana kanta sai in manta ƙarshen.

Gobe minti goman asuba na lambobi ne: biyar ina faɗa, biyu ina saurarar kaina, uku ina gyara. Alhamis zan sake kiran Legas, akwai odar man shafawa, katan 18. Rasit ɗin yana aljihun rigar da zan sa.