Kwana goma sha biyar da suka ɓace a fayil: darussan da na koya a lissafin shekarun ma'aikaci

Yanzu da nake miƙa teburin fayilolin ma'aikata ga 'yan baya a nan Katsina, abu ɗaya nake so in bar musu a rubuce, shi ne yadda ake fitar da shekarun mutum daidai: shekara nawa, wata nawa, kwana nawa. Kowa a ofis yana ganin ya iya, shi ya sa ba a koya wa sabon akawu, kuma shi ya sa fayiloli ke dawowa daga wajen masu bincike da jan biro a jikinsu.

Ɓarnar da ta fi kowace ciwo ta fito ne daga dabarar da ake ɗauka wayo ce: a ƙirga kwanakin da ke tsakanin ranar haihuwa da yau, a raba da 365. Wani babba da aka taɓa kawo mana ya sa an zuba wannan dabara a kwamfuta don jerin masu ritaya, aka gaya masa, "Ranka ya daɗe, wannan lissafin zai riga lokaci," ya ce mu ba mu san zamani ba. Ga abin da take haifarwa. A ɗauki ma'aikacin da aka haifa ranar 5 ga Nuwamba 1964. A ƙa'idar aikin gwamnati ana ritaya ne idan an cika shekara 60 da haihuwa ko 35 ana aiki, duk wanda ya riga zuwa, don haka ranarsa 5 ga Nuwamba 2024 ce. Shekara 60 sau 365 kwana 21,900 ne. Amma daga 1968 zuwa 2024 Fabrairu ya yi kwana 29 har sau 15, saboda haka ainihin kwanakin da ke tsakanin ranakun biyu 21,915 ne. Kwamfutar da ke rabawa da 365 za ta ce mutumin ya cika 60 tun ranar 21 ga Oktoba. Kwana 15 kamar ba komai ba ne, sai dai sun tsallake da shi daga Nuwamba zuwa Oktoba, kuma masu albashi da wata suke aiki. Sunansa zai faɗa jerin watan da bai kamata ba, kwanan da ke kan takardar ritayarsa zai saɓa da na takardar haihuwarsa, lissafin garatuti ya tsaya har sai an gyara. Da abin ya fashe, akawuna aka ba takardar tuhuma, shi kuwa mai dabarar tuni an yi masa canjin wurin aiki.

Wasu suna gyarawa da 365.25, suna ganin sun tsira. Ya fi, amma shi ma yana tuntuɓe a daidai ranar da ake buƙatarsa. Yaron da aka haifa 1 ga Maris 2005 ya cika 18 ranar 1 ga Maris 2023. Kwanakin 6,574 ne, alhali 18 sau 365.25 ya ba da 6,574.5, sai lissafin ya ce yana da 17 a ranar da ya cika 18. Duk inda aka ga alamar rabawa a lissafin shekaru, a tsaya a duba, domin watanni ba tsawonsu ɗaya ba, shekaru ma haka.

Hanyar da ta dace ita ce ɗebewa gida-gida. A rubuta ranar da ake so a san shekarun a sama, ranar haihuwa a ƙasa, kowace a gida uku: shekara, wata, kwana. A fara daga kwana. Mu ce ana so a san shekarun wancan ma'aikacin ranar 2 ga Maris 2024. Ba a cire 5 daga 2, dole a yi aron wata guda. A nan ne mafi yawan mutane ke zamewa, su ari kwana 30 a kowane hali. Watan da ake ara shi ne wanda ya gabaci watan da ke sama, da ainihin kwanakinsa a wannan shekarar. Wanda ya gabaci Maris 2024 Fabrairu ne mai kwana 29, don haka 2 da 29 sun zama 31, a cire 5, saura 26. Gidan wata ya koma 2 tunda an ari ɗaya daga 3. Ba a cire 11 daga 2, sai a ari shekara, wato wata 12, ya zama 14, a cire 11, saura 3. Shekara ta koma 2023, a cire 1964, saura 59. Amsa: shekara 59, wata 3, kwana 26.

Kada a sa hannu sai an gwada ta ɗaya hanyar, wato ƙirge zuwa gaba. Ranar 5 ga Nuwamba 2023 ya cika 59. Disamba, Janairu, Fabrairu, ranar 5 ga Fabrairu ke nan wata uku cif. Daga 5 zuwa 29 ga Fabrairu kwana 24, a ƙara 2 na Maris, 26. Sun yi daidai. Mai aron 30 zai samu 27, kuma da a 2023 ake lissafin, inda amsar kwana take 25, kuskurensa zai kai kwana biyu. Gaskiya ne wannan kuskuren ba ya motsa ranar ritaya, iyakarsa gidan kwana, amma ya isa ya sa takardu biyu na fayil ɗaya su yi karo, kuma mai bincike ba ya tambayar wacce ce daidai, mayar da fayil ɗin yake yi.

Ɗebewar tana da inda take makalewa. Wanda aka haifa 31 ga Janairu 2023, a nemi shekarunsa ranar 1 ga Maris 2023: 1 da 28 sun zama 29, a cire 31, lissafi ya faɗa ƙasa da sifili da biyu. Dalili shi ne babu 31 ga Fabrairu da watansa na farko zai cika a kai. Idan aka ga haka a ajiye ɗebewa a koma ƙirge zuwa gaba, a ɗauka watan ya cika a ranar ƙarshe ta Fabrairu, sai amsar ta zama wata 1 da kwana 1. Masu haihuwar 30 da 31 ga wata ne kawai ke gamuwa da wannan.

Sai mutanen 29 ga Fabrairu. Kafin komai a tabbatar ranar ta taɓa wanzuwa. Fabrairu na kwana 29 ne a shekarar da 4 ke raba ta ba saura, ban da shekarun cikar ƙarni, su sai 400 ta raba su. Shi ya sa 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba. Ga fayilolin da ke gabanmu ya isa a duba lambobi biyu na ƙarshe: 64 da 68 sun rabu da 4, 65 da 66 ba su rabu ba. Takardar rantsuwar shekaru da ta ce 29 ga Fabrairu 1965 ba a yi mata lissafi, mayar da ita ake yi a gyaro.

Idan ranar ta tabbata, shekara 60 ba ta da matsala, domin 4 ta raba 60: ɗan 29 ga Fabrairu 1964 ya cika 60 ranar 29 ga Fabrairu 2024. Rigimar tana kan 18 na katin zaɓe, da 30 na bautar ƙasa, da 65 da dokar 2022 ta tanadar wa malaman makaranta, duk suna faɗawa shekarar da ba ta da ranar. Yarinyar da aka haifa 29 ga Fabrairu 2008, ranar 28 ga Fabrairu 2026 ɗebewa za ta ba da shekara 17, wata 11, kwana 30, domin Janairu mai 31 aka ara. Washegari 1 ga Maris, 1 da 28 sun zama 29, a cire 29, sai ga 18 cif ba wata ba kwana. Wato lissafin hannu 1 ga Maris yake kaiwa, kuma ni shi na fi yarda da shi, tunda an haife ta ne a ranar da ta biyo bayan 28 ga Fabrairu. Ƙasashe ma sun rabu a kan wannan: a Ingila 1 ga Maris ake ɗauka, a Taiwan 28 ga Fabrairu. Abin da ofis ke buƙata shi ne matsaya ɗaya a rubuce da sa hannun mai iko, domin umarnin baki ba ya kare akawu ranar da aka zo bincike.

Mai aiki da Excel ya sani cewa ayyukan cikinsa ma ba su yarda da juna ba a nan. EDATE zai kai waccan yarinyar 28 ga Fabrairu 2026 idan aka ƙara mata wata 216, DATEDIF kuwa ba zai ƙirga mata 18 ba sai 1 ga Maris. Kuma "MD" na DATEDIF, wanda ake fitar da ragowar kwanaki da shi, kamfanin Microsoft da kansa ya yi gargaɗi a kansa, yana iya ba da lamba ƙasa da sifili a irin matsalar 31 ga Janairu. Ga abin da ya fi aminci, ranar haihuwa a A2, ranar lissafi a B2:

```
C2: =DATEDIF(A2,B2,"M")
D2: =INT(C2/12)
E2: =MOD(C2,12)
F2: =B2-EDATE(A2,C2)
```

C2 jimillar cikakkun watanni ne, D2 shekaru, E2 watanni, F2 kwanaki. Idan F2 ya nuna wani kwanan wata na 1900, a mayar da tsarin gidan zuwa lamba. Su 'yan 29 ga Fabrairu a ware su a yi musu da hannu, domin a wannan tsarin yarinyar za ta tsallake daga wata 11 da kwana 30 zuwa shekara 18 da kwana 1. Ba su da yawa a kowane jeri.

Sauran darussan gajeru ne. Cire shekara daga shekara kawai, 2024 a cire 1964, yana mayar da ɗan Nuwamba mai 60 tun Janairu. Kwanan da aka rubuta 03/04/1966, kwamfutar da aka saita a tsarin Amurka 4 ga Maris za ta karanta, mu kuwa 3 ga Afrilu muke nufi, don haka a riƙa rubuta sunan wata. Dattijon da ya ce shekararsa 62 yana ƙirga azumi da Sallah bai yi ƙarya ba ko da fayil ya ce 60, shekarar Hijira kwana 354 ko 355 ce, tana rage kusan kwana 11, amma fayil da kalandar Miladiyya yake tafiya. Shekarun aiki kuma da ranar farko ake ƙirga su: wanda ya kama aiki 1 ga Afrilu 1990 ya cika 35 a ƙarshen ranar 31 ga Maris 2025. A rubuta lissafin da lambobinsa a gefen takarda, da kwanan wata da sunan wanda ya ba da umarnin hanyar da aka bi, a bar kwafi a cikin fayil.