Ranar da na haɗa domen ɗina da shafina

Jiya da daddare na sayi domen ɗin da na daɗe ina so, yau kuma tun da safe na zauna in haɗa shi da shafina. Shafin ya kwana biyu yana zaune a kan wata ƙaramar saba da nake haya, manhajar nginx da ke miƙa shafin ga masu ziyara na aiki lafiya lau, amma duk mai son ganinsa sai na tura masa lambar IP. A nan zan rubuta example.com a madadin sunan, da 203.0.113.10 a madadin lambar sabar.

Da na shiga sashen DNS, wato tsarin da ke fassara suna zuwa lambar IP, a wurin kamfanin da na sayi domen ɗin, sai na tarar ba fili ba ne. Sun riga sun saka wasu rikod nasu da ke kai mutum ga shafin nan na wucin gadi mai cewa an sayi wannan sunan. Na buɗe rikod na A, wanda shi ne ke haɗa suna da lambar IPv4, na goge lambarsu na sa tawa. A gurbin suna na bar alamar @, wato gundarin domen ɗin ba tare da komai a gabansa ba. Shi kuma www na yi masa CNAME, wato rikod mai haɗa suna da wani suna, da ke nuna example.com, don idan wata rana na canza saba, wuri ɗaya kawai zan gyara. Da ma na san ba a ɗora CNAME a kan @, domin CNAME ba ya zama tare da wani rikod a suna ɗaya, alhali gundarin domen dole ne ya riƙe wasu rikod, NS da SOA.

Na adana, na buɗe burauza, sai ga shafin wucin gadin nan yana kallona. Wannan bai dame ni ba, don ni na jawo. Jiya da na saya, da yau da safe kafin in taɓa komai, na yi ta buɗe sunan don ɗoki, sabar DNS da na'urata ke tambaya kuwa ta riƙe tsohuwar amsar. Na duba:

```
dig example.com A
```

Tsohuwar lambar ce ta fito, kusa da ita an rubuta 2140. Da na sake bayan ɗan lokaci sai na ga 2075. Wato TTL, wa'adin da ake riƙe amsa a ajiye, shi ne ke ƙirgawa ƙasa, daƙiƙa bayan daƙiƙa, daga 3600 da aka sa wa tsohon rikod ɗin. Na mayar da TTL na sabon rikod 300, amma hakan ba ya taɓa amsar da aka riga aka ajiye. Ita sai wa'adinta ya cika. Mutane kan ce DNS na "yaɗuwa", ni dai a ganina kalmar tana ruɗarwa. Ba abin da ke tafiya ko'ina, tsoffin amsoshi ne kawai ke jiran lokacinsu ya ƙare. Don in tabbatar gyaran ya shiga, na nemo sabar sunan da ke da iko da domen ɗin da `dig example.com NS`, na tambaye ta kai tsaye ta hanyar sa @ a gaban sunanta. Ta ba ni 203.0.113.10. Hankalina ya kwanta, na tashi na yi wasu abubuwa.

Bayan kamar minti arba'in shafina ya buɗe da sunansa. Na ji daɗi ƙwarai, na daɗe ina kallon sunan a saman burauza. Saura HTTPS, wanda ke buƙatar satifiket, ni kuma da manhajar certbot zan nemo shi daga Let's Encrypt masu bayar da shi. Na tabbatar tashar 80 da ta 443 a buɗe suke a katangar tsaron sabar, na sa sunayen biyu a layin `server_name` na nginx, sannan na buga:

```
sudo certbot --nginx -d example.com -d www.example.com
```

Ya ƙi. Na ce ƙila gaggawa na yi, na sake. Ya sake ƙi. A karo na uku ma haka, sai na ɗauke hannuna, domin Let's Encrypt na da iyaka: idan tantancewa ta faɗi sau biyar cikin awa ɗaya a kan suna ɗaya, sai ka jira. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ga shafin yana buɗewa a gabana, amma saƙon kuskuren na cewa 404, ba a ga fayil ba.

Yadda tantancewar take, certbot na shirya wata 'yar amsa a ƙarƙashin `/.well-known/acme-challenge/` a kan sabarka, su kuma Let's Encrypt su biyo sunan domen ɗin ta tashar 80 su nema. In sun samu, sun yarda kai ke da iko da sunan. Saboda haka na ɗauka nginx ne ke ɓoye hanyar, na shafe kusan awa guda ina bin saitinsa layi-layi. Sai da na buɗe kundin shige da fice na nginx na ga abin mamaki: babu alamar buƙatarsu ko ɗaya. Ba su ma iso ƙofata ba.

Na kira yayana, wanda ya fi ni daɗewa a harkar, na zayyana masa. Ya ce, "Karanto mini saƙon gaba ɗayansa, kada ka tsallake komai." Na fara karantawa:

```
2001:db8::25: Invalid response from http://example.com/.well-known/acme-challenge/...: 404
```

Ban kai ƙarshe ba ya tsayar da ni. "Wannan lambar ta farko, taka ce?" Na ce, "A'a Yaya, ban ma saita IPv6 a sabar ba." Ya ce to in koma in duba AAAA.

Yana nan kuwa, a ƙasan jerin, inda idona ya wuce shi da safe. Rikod na AAAA shi ne takwaran A a ɓangaren IPv6, kuma wannan yana nuna sabar shafin wucin gadi har yanzu. Let's Encrypt idan ta ga AAAA ta nan take fara bi. Da a ce can ɗin shiru aka yi mata, da ta dawo ta gwada IPv4. To amma sabar ta amsa, ta ce ba ta san fayil ɗin ba, magana ta ƙare ke nan. Ni kuwa layin intanet ɗina IPv4 kaɗai yake bi, shi ya sa nake ganin komai daidai. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ba don satifiket ɗin ya ƙi fita ba, da na raba adireshin, kuma duk mai IPv6 da shafin wucin gadi zai riƙa gani, ni ban sani ba. Har www ma bai tsira ba, tunda CNAME ɗinsa na bin duk abin da gundarin ke da shi.

Na goge AAAA, na tambayi sabar sunan kai tsaye har sai da ta daina ba da amsa a kansa. Wannan karon na fara da gwaji, wanda ke bi ta sabar gwajinsu ba ya cin ƙidayata:

```
sudo certbot certonly --nginx --dry-run -d example.com -d www.example.com
```

Ya wuce. Na sake buga umarnin certbot na farko, cikin 'yan daƙiƙu satifiket ya fito ɗauke da sunayen biyu. Na duba da `curl -I http://example.com`, na ga 301 yana tura mai zuwa ga https, kamar yadda nake so.

Satifiket ɗin na kwana 90 ne, don haka kafin in rufe kwamfuta na gwada `sudo certbot renew --dry-run`, na kuma duba da `systemctl list-timers` cewa agogon sabuntawa na nan. Tashar 80 zan bar ta a buɗe ko da komai ya koma HTTPS, domin ta nan za a sake tantancewa. TTL na bar shi a 300 zuwa jibi, in na ga komai ya zauna in mayar da shi 3600. Na tura wa Yaya adireshin, ya buɗe daga wayarsa mai IPv6, ya ce shafina ne ya fito.