Kwandon tumatir arba'in a Farin Gada

A watan Fabrairu na sauke kwando arba'in na tumatirin rani a kasuwar Farin Gada da ke Jos. Kowane kwando ya ci mini kusan naira 7,000, idan aka haɗa taki, man injin ban-ruwa, kuɗin masu tsinka da na mota. Da sassafe aka taya naira 8,000. Dillalina ya ce, "Alhaji, a sallama." Na ƙi, don a ganina abin da ba a ɗora tukunya sai da shi ya fi ƙarfin wannan tayi. Kafin azahar motoci sun cika kasuwa. Washegari na ƙasan kwando ya fara ruwa, na sayar a 5,500, asarar naira dubu sittin a kan jarina.

Lissafina ne ya karkace. Ni ina auna amfanin tumatir gaba ɗaya, shi kuwa mai saye yana auna amfanin ƙarin kwando ɗaya a kan wanda yake da shi. Mai tuwo-tuwo da ke dafa kwando ɗaya a rana za ta biya na farko ko nawa ne, don in babu shi babu miya. Na biyu na gobe ne, sai an rage mata. Na huɗu kuwa ruɓewa zai yi a hannunta, ko kyauta ba lallai ta ɗauka ba. Ranar da kaya suka yi yawa, masu sayarwa sai sun sauko har inda mai sayen kwandon ƙarshe zai yarda, kuma wannan kuɗin ne farashin kowa, har da mai kaya masu kyau. Abin da na kashe a gona bai shafi mai saye ba.

Shi ya sa 'yar robar sitiroberi, wanda ba a miya da shi, takan fi kwanon tumatir tsada. Masu nomansa kaɗan ne, masu kuɗi a Abuja kuma suna nema.

Yanzu kafin in amsa tayi nakan ƙirga motocin da suka kwana ba a sauke ba, in duba ko 'yan lodin Legas sun cika motocinsu. In sun cika, farashin safe shi ne mafi kyau da zan gani. Nakan kuma tura hannu ƙasan kwando. In ya yi taushi, kwana ɗaya ya rage mini.

Wanda ya nuna sosai nakan yanka shi in shanya a kan tabarma tun da sauran iskar hunturu. Nauyi yana zubewa ƙwarai, don fiye da kashi 90 cikin ɗari na tumatir ruwa ne, kuma in bai bushe ƙayau ba zai yi fumfuna a buhu. Amma busasshe yana jira har watan Yuni, lokacin da ɗanye ke wuyar samu.