Waƙafi ba ya ɗaukar jimla biyu a Turanci

Shekarata ta biyu ina koyar da Turanci a wata sakandaren ƙauye kusa da Ringim kafin na gane abin da ke cinye wa 'yan ajina maki a insha'i. Da na ga jimla ta yi tsawo sai in rubuta da jan biro, "ka gajarta". Wata yarinya 'yar aji biyar ta bi umarnina, ta kawo mini wannan: "The rain came late, we planted in July." Kalmomi takwas kacal, amma kuskuren na nan daram. Ashe ba a tsawo matsalar take ba.

Daga Hausa muka ɗauko ta. Mukan ce "Musa ya tashi, ya yi alwala, ya tafi gona", kowane yanki da "ya" ɗinsa, kuma daidai ne. Yaro sai ya kwashe wannan tsarin ya kai Turanci: "Musa woke up, he prayed, he went to the farm." To a can, duk yankin da ke da mai aiki da aikatau, kuma zai iya tsayuwa shi kaɗai, cikakkiyar jimla ce. Waƙafi zalla ba ya haɗa irinsu biyu. Wasu ma ko waƙafin ba sa sawa, su yi ta zuba kamar famfo.

Yanzu abin da nake sa su yi shi ne su ɗora yatsa a kan waƙafin, su karanta abin da ke hagu, su karanta na dama. In kowanne ya tsaya da ƙafarsa, akwai gyara. A jimlar yarinyar nan duk biyun sun tsaya. Ana iya sa aya a raba su, amma ma'anar da take nufi ita ce jinkirin ruwa ne ya jawo shukar Yuli, don haka mahaɗi ya fi: "The rain came late, so we planted in July." Ko ta fara da "Because", sai yankin farko ya daina tsayuwa da kansa, waƙafin ya halatta. Jimlar Musa kuwa ciccire "he" za a yi: "Musa woke up, prayed and went to the farm."

Inda mafiya ƙoƙarin ajin suke faɗawa shi ne "however" da "therefore". Suna ganin manyan kalmomi ne, ai za su yi aikin "but" da "so". Ba sa yi. Kafin su sai aya ko waƙafi mai ruwa: "We planted late; however, the millet did well." Wani ya ce, "Malam, yaya za mu bambance?" Na ce ya gwada matsar da kalmar. "The millet, however, did well" ta zauna lafiya, amma "but" ba ta barin bakin yankinta. Har yau rabin ajin na tsoron waƙafi mai ruwa, ni ma ban matsa ba, na ce su sa aya.