Kilo ɗaya da rabi a mako guda: ƙorafin masu sayen kiriyatin

Ƙaramin shago gare ni a Jidda, ina sayar da garin furotin, bitamin da kiriyatin, wani gari da ake sha don ƙara wa tsoka ƙarfi, ga samari masu ɗaga ƙarfe, da yawansu 'ya'yanmu ne Hausawa da aka haifa a nan. A duk kayan nan babu wanda ake dawo mini da ƙorafi a kansa kamar kiriyatin, kuma ƙorafin ɗaya ne: sikeli ya hau.

Wani yaro mai kilo 70 ya bi tsarin lodi da ke jikin robar, giram 20 a rana, a raba huɗu, har kwana bakwai. Sai ga shi da hoton sikeli a waya, kilo 71 da rabi. Ya ce, "Kawu, garin nan naka ƙiba yake sawa." Na ce, "Zauna, ɗana, mu yi lissafi."

Kilo guda na kitse yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Kilo ɗaya da rabi ke nan ya haura 11,000, wato sai mutum ya ƙara kalori sama da 1,600 kowace rana a kan abin da jikinsa ke ƙonawa. Shi kuwa abincinsa bai canza ba. Tsoka ma ba ta ginuwa haka a mako guda, ko da wasu 'yan kasuwa na son a ɗauka hakan ne. Ruwa ne. Kusan kashi 95 cikin ɗari na kiriyatin ɗin jiki a tsoka yake zama, kuma in ya shiga ƙwayoyin tsoka yana jan ruwa tare da shi. Shi ya sa kilo ɗaya zuwa biyu a makon lodi ba abin mamaki ba ne, daga nan hawan ya lafa.

Ni ban cika son lodin ba. Giram 3 zuwa 5 a kullum yana cika tsokar a kusan mako huɗu, nauyin ya shigo a hankali, ba kumburin ciki ko zawon da babban awo kan jawo wa wasu. Robar ma ta fi daɗewa, ko da yake wannan ba ribata ba ce.

Na ba yaron tef na ce ya auna ƙugu daidai cibiya, da safe kafin karin kumallo, sau ɗaya a mako. In sikeli ya hau ƙugu bai motsa ba, ba kitse ba ne. Kada kuma ya yi hukunci da awon washegarin walima, domin shinkafar kabsa da gishirinta su ma suna riƙe ruwa.

Wanda ya zo da idon sawu a kumbure, ka danna da yatsa ramin ya zauna, ko mai ciwon ƙoda, ba na sayar masa. Wannan ruwan a ƙarƙashin fata yake, asibiti nake tura shi.