Kalmar da na shekara bakwai ina sokewa da jan biro

Shekarata bakwai ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare, kuma a duk tsawon lokacin ba kalmar da ta sha jan birona kamar *but*. Da zarar na ga jimla ta fara da *although*, idona ya riga ya tsallaka bayan waƙafi yana neman ta. Sau da yawa kuwa tana nan zaune. Sai in kewaye ta, in rubuta a gefe cewa mahaɗi biyu ba sa zama a jimla ɗaya, in wuce takarda ta gaba. Haka aka koya mini, haka na koyar, ban taɓa tsayawa na tambayi dalili ba.

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ce ta tsayar da ni. Ta rubuta wannan a cikin insha'inta:

*Although my father is a farmer, but he sent all of us to school.*

Na soke *but* kamar kullum. Da aka tashi sai ta biyo ni da takardar, ta ce, "Malam, ka ce maimaici ne, wai kalmomin biyu abu ɗaya suke faɗa. To ai jiya kai da kanka ka rubuta mana *if* da *then* a jimla ɗaya a kan allo. Shi wannan me ya sa bai zama maimaici ba?" Na buɗe baki, na rasa abin cewa. Na ce ta bari sai gobe, wanda duk malami ya san ma'anarsa ita ce ba ni da amsa.

A daren nan na koma littattafan nahawu. Abin da na tarar shi ne hukuncin da nake yankewa daidai ne, hujjar da nake kafawa ce gurguwa. A daidaitaccen Turanci na rubutu, jimlar yarinyar kuskure ce, wannan ba ja. Sai dai laifin bai shafi nanata ma'ana ba. Turanci ba ya ƙyamar nanatawa. *If it rains, then we will plant* lafiyarta lau. *Although he was tired, he still finished the work* ita ma ba mai taɓa ta, alhali *still* ɗin nan ma'anar "duk da haka" take ɗauke da ita, wadda *although* ta riga ta faɗa. Matsalar tana ga irin aikin da kowace kalma take yi wajen ginin jimla.

Masu nahawun Hausa suna da suna mai kyau ga wannan: ganga tsayayye da ganga dogarau. Tsayayye shi ne yankin jimla da zai iya tsayuwa shi kaɗai ya ba da cikakkiyar ma'ana. Dogarau kuwa sai ya jingina da wani. Aikin *although* shi ne ta kama ganga ta mayar da shi dogarau. *My father is a farmer* magana ce cikakkiya. Da ka ɗora mata *although* a gaba, ta daina tsayuwa, mai karatu ya shiga jiran gangan da za ta jingina da shi. Ita kuwa *but* aikinta daban ne. Tana haɗa abu biyu masu daraja ɗaya, tsayayye da tsayayye, ko sifa da sifa, kuma dole ta sami irin abin da ke bayanta a gabanta. To a jimlar ɗalibata, *although* ta durƙusar da gangan farko tana jiran na biyu ya ɗauke shi, ita kuma *but* ta riƙe na biyu tana waiwayen tsayayyen da za ta haɗa shi da shi, babu. Kowa na jiran kowa. Kamar mutum biyu ne suka jingina da juna a tsakar fili, kowanne yana zaton ɗan'uwansa ne bango.

*Then* da *still* da *nevertheless* ba mahaɗai ba ne, bayanau ne. Suna zaune a cikin gangan tsayayye, ba su sauya masa matsayi, shi ya sa ba su yin karo da *if* ko *although*. Amsar tambayar yarinyar ke nan. Akwai kuma *yet*, wadda take da ƙafa biyu, wani lokaci mahaɗi wani lokaci bayanau. *Although he is poor, yet he is honest* karɓaɓɓiya ce, tana da yawa a tsohon rubutun Turanci, sai dai yau tana ƙamshin tsufa da ƙasaita. Ina gaya wa ɗalibai kada su yi mamaki in sun gan ta a littafi, amma ba sai sun ɗauko ta a zauren jarrabawa ba.

Abin da ya fi ba ni kunya ba wannan ba ne. Ina zaune ina fassara jimlar a raina sai na ji ta fito haka: ko da yake mahaifina manomi ne, amma ya sa mu duka a makaranta. Wace Hausa ce ta fi wannan lafiya? Haka muke magana, haka ake karanta labarai a rediyo. "Duk da cewa an yi ruwa, amma gero bai yi kyau ba." In ka cire "amma" jimlar ba ta lalace ba, sai dai kunne yakan ji kamar an rage mata gishiri. A Hausa, "ko da yake" tana buɗe ƙofa, "amma" tana sanar da kai cewa an iso gaɓar juyawa. Haka "idan" take tafiya da "to", haka "tun da" take tafiya da "sai". Yarinyar nan ba sakaci ta yi ba. Ta yi tunani mai kyau da harshen da ta tashi da shi, ta zuba shi a mazubin da bai karɓe shi ba. Ba mu kaɗai ba ne ma. Sinanci yana da irin waɗannan tagwayen mahaɗai, kuma masu koyon Turanci daga can suna faɗawa wannan ramin daidai inda muke faɗawa.

Na yi shekaru ina ce wa yara abin da suka rubuta rashin hankali ne, alhali da na koma gida da irinsa nake magana da mahaifiyata.

Washegari na shiga aji da wata dabara. Na ce kowa ya sa yatsa ya rufe gangan da *although* take jagoranta, tun daga ita har zuwa waƙafi, sannan ya karanta abin da ya rage. In abin da ya rage jimla ce da za ta iya buɗe magana ita kaɗai, an tsira. A jimlar ɗalibata abin da ya rage shi ne *but he sent all of us to school*, wanda kowa ya ji ya san yana neman wani abu a gabansa. Gyara iri biyu ne, kuma ba daidai suke ba. In ka cire *but*, ka bar *although*, ka tura noman uban baya, ka fito da sa yara makaranta a matsayin ainihin labari. In ka cire *although* ka ce *My father is a farmer, but he sent all of us to school*, ka ba kowane ɓangare nauyinsa, mai karatu ya fara tsayawa a kan noman kafin ka juya shi. Na tambaye ta wanne take nufi. Ta yi shiru kaɗan, ta ce na farko, don ba noman take son a gani ba, ƙoƙarin babanta take son a gani. Wannan ita ce hira ta farko da na taɓa yi da ɗalibi a kan wannan jimla wadda ba ta ƙare da "haka doka ta ce" ba.

Dabarar yatsan ta kuma tona wani asirin nawa. Dokar da nake rerawa, wai kalmomin biyu ba sa haɗuwa a jimla ɗaya, ƙarya ce in aka ɗauke ta yadda take. Duba wannan:

*I wanted to travel, but although I had the money, I stayed at home.*

Ga su nan kafaɗa da kafaɗa, kuma ba aibu. Rufe *although I had the money*, za ka ga *I wanted to travel, but I stayed at home*, tsayayye biyu da *but* a tsakaninsu, kowa yana kan aikinsa. Haka wannan:

*Although the room was small but clean, we did not take it.*

A nan *but* sifa biyu kawai ta haɗa a cikin gangan dogarau, ba ruwanta da gangan tsayayye. Sai kuma *but* mai ma'anar "sai" ko "ban da", kamar a *Although he ate nothing but dates, he was strong*. Ban san iyakar irin waɗannan da na soke a baya ba, don idona kalmomi biyu yake farauta, ba ginin jimla ba. Wanda ya fi iya rubutu a aji shi ne ya fi yiwuwa ya gina irin wannan jimla, ke nan shi na fi cuta.

Duk da haka ban sassauta a kan ainihin kuskuren ba. Gaskiya ne *although* da *but* a jere irin na ɗalibata sun cika Turancin Nijeriya, za ka ji su a bakin manya masu digiri, ka gan su a wasiƙun ofis, kuma ba wanda ya kasa gane abin da ake nufi. Wasu masana suna lissafa shi cikin siffofin Turancinmu na gida. Ba na faɗa da wannan ra'ayi a wajen hira. Amma mai duba takardar WAEC da ma'aunin daidaitaccen Turanci yake aiki, kuma a insha'i maki 10 ne kacal aka ware wa tsabtar nahawu da rubutu, kowane kuskure yana cin rabin maki. Yaron da wannan gini ya zame masa jiki zai iya maimaita shi sau uku ko huɗu a insha'i ɗaya, ga shi yana da ɗan'uwa, *because* da *so*, wanda ciwonsu ɗaya kuma maganinsu ɗaya.

Yanzu in zan koyar da darasin, da Hausa nake farawa. Ina rubuta "ko da yake" da "amma" a kan allo, in ce wannan daidai ne, kada wanda ya ce muku ba daidai ba ne. Sannan in rubuta Turancin a ƙasa, in miƙa wa ɗaya daga cikinsu alli ya zo ya nemo gangan da ke tsaye da ƙafarsa. A gefen takarda kuma na daina rubuta "mahaɗi biyu". Tambaya nake rubutawa: ina tsayayyen?